Amsa: albashin da ba a biya ba a ƙarshen wata

"Albashin watan Mayu jaka 450 ne, sai 5 ga Yuni mai gida zai biya. Yaya zan shigar da shi kada ya fito sau biyu?"

Malam, ran 31 ga Mayu ka shigar da jaka 450 ɗin a matsayin kuɗin da aka kashe, a gefen zare kuɗi na asusun albashi 661, sannan ka sa su a gefen bashi na 422, tunda ma'aikata na bin ku. Ran 1 ga Yuni ka juya shigarwar: 422 a gefen zare kuɗi, 661 a gefen bashi. Ran 5 sai ka rubuta biyan a 661 kamar kullum, ya share juyin, nauyin ya tsaya a Mayu.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma nan na ga masu lissafi da yawa a Damagaram suna tuntuɓe: in ka juya, kada ka biya ta 422. In ka yi haka, 422 zai nuna ma'aikata ne ke riƙe da jaka 450 naku, kuɗin da aka kashe a Yuni kuma su ragu da jaka 450. Duba 422 bayan biya, sifiri ya kamata ka gani.