Hukuncin dogaro da kalanda wajen neman hutun Sallah

Tambaya: Malam, ni ma'aikaci ne a nan Kano, kuma a wurin aikinmu sai mutum ya rubuta ranakun hutunsa tun wata uku kafin lokaci. Ya halatta in dogara da lissafin kalanda in tsayar da ranar Ƙaramar Sallah?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, lissafi don tsara hutu halal ne. Allah Ya ce a Suratu Yunus, aya ta 5, Ya ƙaddara wa wata masaukai domin mu san adadin shekaru da lissafi. Abin da bai halatta ba shi ne ka ɗauki azumi ko ka ajiye shi saboda kalanda ta ce. Annabi (SAW) ya rataya wannan ga ganin jinjirin wata, in kuma ba a gani ba a cika kwana 30, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. A kan haka malamanmu na Malikiyya suke, kuma a ƙasar nan sanarwar Sarkin Musulmi ake jira.

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya kuwa 365 ko 366. Saboda haka ka ɗauki ranar Sallar da ta wuce ka rage kwana 11. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah ran 10 ga Afrilu, a 2025 kuma ran 30 ga Maris. Amma wannan kintace ne, yana iya gocewa da kwana ɗaya ko biyu.

Shekarar 2024 ɗin ma ta ishe mu misali. An fara azumi ran Litinin, 11 ga Maris, sai 29 ga Ramadan ya faɗo ran 8 ga Afrilu. Ke nan Sallah ko dai Talata 9 ga wata, ko Laraba 10. Gwamnatin Tarayya ta ba da hutun Talata da Laraba, ba a ga wata ba, aka cika 30, sai da aka ƙara Alhamis. Wanda ya nemi kwana ɗaya tak ya sa Talata, da bakinsa da azumi ya cinye hutun.

Don haka kada ka rubuta rana ɗaya. Ka fara hutun kwana ɗaya kafin ranar da lissafi ya ba ka, ka ƙare shi kwana biyu ko uku bayanta, musamman in kana son zagayen 'yan'uwa. Da an tabbatar da farkon azumi, sai ka sake ƙirgawa ka sanar da shugabanka. Babbar Sallah ta fi sauƙi, tunda da zarar an ga watan Zulhajji ka san ranar goma.

In Sallah ta saɓa wa ranar da ka rubuta, jama'a za ka bi wajen Idi, sannan ka nemi izini a gyara maka hutun, kada ka ƙi zuwa aiki kai tsaye, domin tsakaninku akwai yarjejeniya. Wallahu a'alam.