Jiri ya kwantar da ni bayan mura, amma kunnena na ji ras: ko shanyewar jiki ce ke tafe?

TAMBAYA: Likita, shekarata 41. Na yi mura da zazzaɓi, sati guda da warkewa na wayi gari ɗaki yana juya mini, ga amai, kwana uku ko kaina ba na iya ɗagawa. Kunnena na ji ras, ba ya ƙara. Mai kemis ya ce taifot ne da ƙarancin jini, ya yi mini ƙarin ruwa da allurai, ya ba ni Situjeron sau uku a rana, ya ce in kwanta har jirin ya tafi. Yau kwana 16 ina kwance ina shan maganin, amma ina miƙewa sai in ji ina zamewa hagu. Shin shanyewar ɓarin jiki ce ke neman kama ni?

AMSA: Malam, Allah ya ba ka lafiya. Yadda abin ya zo maka ya fi kama da kumburin jijiyar daidaito ta cikin kunne, wanda likitoci ke kira bestibula nuraitis. Jijiyar da ke fita daga cikin kunne zuwa ƙwaƙwalwa kashi biyu ce, ɗaya na ɗauke da ji, ɗaya na ɗauke da labarin motsin kai. A wannan ciwo kashi na biyun ne kaɗai ke kumbura, galibi bayan cutar bairos, shi ya sa kake jin magana garau alhali ɗaki na juyawa. Tunda hagu kake zamewa, mai yiwuwa kunnen hagu ne abin ya taɓa, don mai wannan ciwo ɓangaren da ya lalace yake karkata.

Tsoronka na shanyewar jiki ba shirme ba ne, domin toshewar jini a ƙwaƙwalwar ƙeya kan zo da irin wannan kama. Abubuwan da ke sa a ruga asibiti a daren nan su ne ganin abu ɗaya ya zama biyu, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara, hannu ko ƙafa ko gefen fuska ya mutu, ciwon kai ko na ƙeya mai tsanani da ba a saba da shi ba, kunne ya toshe farat ɗaya, ko mutum ya kasa ko da zama sai an riƙe shi. Ba ka ambaci ko ɗaya ba, kuma kwana 16 sun wuce, wannan na kwantar da hankali. Duk da haka ba a tabbatar da wannan ciwo daga nesa. Ka je wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro ko na ƙwaƙwalwa, musamman in kana da hawan jini ko ciwon suga ko kana shan taba. Zai riƙe kanka da hannu biyu, ya ce ka kafe hancinsa da ido, ya fizge kan kaɗan zuwa gefe. In jijiyar hagu ce, idan aka fizga hagu idonka zai zame daga hancin sannan ya yi tsalle ya dawo. Abin mamaki, wannan zamewar ita muke murna da gani, don tana nuna matsalar a kunne take. Wanda yake cikin juwa, idonsa na rawa, amma gwajin ya fito lafiya lau, shi ne muke jin tsoron ƙwaƙwalwarsa. Kada kuma a ruɗe ka da hoton siti sikan, yakan fito fes ko da akwai toshewa a ƙeya.

To, yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato wannan magana ta «kwanta, ka yi ta shan magani har jirin ya tafi». Kullum sai an shigo mana da wanda aka gaya wa haka, wani ma wata uku yana kai, kuma ita ce ke mayar da ciwon makonni ya zama na shekara.

Kunnuwanka biyu ba sa yin shiru ko kana barci. Kowanne na aika saƙo ƙwaƙwalwa ba tsayawa, ita kuma tana auna na dama da na hagu. In sun zo daidai ta san kai a tsaye yake. Ranar da jijiyar hagu ta kumbura saƙonta ya ragu, na dama ya rinjaya, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka juyawa kake yi. Daga nan hajijiya da amai suka fito. Sau da yawa jijiyar ba ta komawa yadda take ɗari bisa ɗari, amma mutane na warkewa su koma aikinsu, saboda ƙwaƙwalwa ce ke sake koyon lissafi da abin da ya rage, tana haɗawa da ido da tafin ƙafa. Koyon nan kuwa ba ya yiwuwa sai ka motsa kai, ta ga kuskure, ta gyara. Kamar motar da ke ja gefe guda ce, direba ba ya sanin yadda zai riƙe sitiyarinta tana fake a gareji. Ɗan jirin da kake ji idan ka juya kai, shi ne kuskuren da ƙwaƙwalwa ke buƙatar gani.

Situjeron da Sitemetil da Fenagan da Baliyam aikinsu su dusashe wannan saƙon. A kwana ɗaya zuwa uku na farko, lokacin da mutum ke amai ko ruwa ba ya zama a cikinsa, rahama ne, mu ma muna rubuta su. Bayan kwana uku kuwa sun zama cikas. Kai ka haɗa biyun, ga ƙwaya ga katifa, har sati biyu da ɗoriya. Ka hana ƙwaƙwalwa ganin kuskuren, ka kuma hana ta motsin da za ta gyara shi, sai zamewar ta ƙi tafiya, sai a ce maka ai ciwon bai warke ba, a ƙaro wani kati. Ban da haka magungunan nan da kansu suna sa kasala da layi, ta yadda wani sashe na abin da kake ji yau ma na maganin ne. Kuma suna da nasu sharrin. Situjeron da Sitemetil idan aka daɗe ana sha, musamman ga dattawa, suna kawo rawar hannu da sandarewar jiki da tafiyar jan ƙafa irin ta ciwon Fakinsin. Sitemetil kan murɗe wa matashi wuya, ido ya kafe sama, a ce aljanu ne a tafi neman mai ruƙiyya, alhali ƙwayar da aka sha ɗazu ce. Mai kemis ba zai gaya maka wannan ba, shi dai in ka dawo jirin na nan, ciniki ne ya dawo.

Allurar da aka yi maka kuma, ka koma ka tambayi sunanta, a nuna maka kwalbar. In jentamaisin ce, ka faɗa wa likita tun kafin ya tambaya, domin ita wannan allura guba ce ga sashen daidaito na kunne, tana iya taɓa kunnuwa biyun, kuma ɓarnarta ba kasafai take gyaruwa ba. A ɗauki mutumin da kunne ɗaya ya riga ya samu matsala a dirka masa ita da sunan taifot, don kawai gwajin Widal ya nuna wasu lambobi, wannan ganganci ne. Taifot ba ya sa ɗaki ya yi ta juyawa kwana uku babu zazzaɓi. Ƙarancin jini kuma duhun gani yake kawowa idan an miƙe, ba juyawa ba.

Abin yi yanzu shi ne ka ajiye Situjeron ɗin. In an haɗa maka da Baliyam kana sha kullum tsawon wannan lokaci, shi kada ka yanke lokaci guda, likita zai rage maka a hankali. Kwana biyu na farko za ka iya jin kamar abin ya ɗan ƙaru, kada hakan ya mayar da kai kan ƙwaya.

Sai motsa jiki. Rubuta babban harafi ɗaya a takarda, ka manna a bango daidai tsayin idonka, ka zauna nesa da shi kamar tsawon hannu. Kafe harafin da ido, ka riƙa juya kai dama da hagu kamar mai cewa a'a, ba juyi mai nisa ba, da saurin da harafin ba zai dushe ko ya yi rawa ba. In ya dushe ka yi sauri da yawa, rage. Yi minti ɗaya, huta, sannan minti ɗaya sama da ƙasa kamar mai gyaɗa kai. Maimaita har ya zama minti huɗu a zama guda, zama uku zuwa biyar a yini. Jiri zai taso, haka ake so, muddin ya lafa cikin minti 15 zuwa 20. In ya kai ka ga amai ko ya wuni tare da kai, ka zarce gwargwado, gobe ka rage saurin, amma kada ka fasa. Bayan kwana uku ko huɗu ka koma yi a tsaye kusa da bango, daga nan ƙafafu a haɗe, daga nan kana tafiya a tsakar gida kana waiwaye dama da hagu. Ka fita tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya mai tauri da rana, minti goma safe da yamma, wani na gefenka na hagu, kana ƙarawa kullum. Cikin duhu da kan yashi abin zai fi tsananta saboda ido da ƙafa ba sa taimakawa sosai, don haka riƙe tocila idan za ka fita asuba. Sallah ma, da zarar ka iya tsayuwa ka bar yin ta a zaune, ka tsaya kusa da bango, ka yi ruku'u da sujada a natse. Tuƙa babur da mota da hawa tsani kuwa a dakata tukuna, sai ranar da za ka iya waiwayawa da sauri kana tafiya ba tare da hanya ta yi maka rawa ba.

Wataƙila ka ji ana ba da firednisolon, maganin rage kumburi. Wasu likitoci na bayarwa a kwana ukun farko, kuma masana ba su gama yarda kan amfaninsa ba. A kwana na 16 lokacinsa ya wuce, kada ka saya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na taifot ba shi da wani aiki a nan.

Yawancin masu wannan ciwo suna ganin canji sosai cikin sati biyu zuwa shida da fara motsi, kuma ba kasafai yake sake dawowa ba. Sai dai wasu, bayan makonni, kan samu wani jirin daban, gajere, wanda bai kai minti ɗaya ba, yana zuwa idan an juya a kan gado ko an ɗaga kai sama. Wannan 'yan ƙananan duwatsun cikin kunne ne suka kauce daga wurinsu, ana mayar da su da jujjuya kai a ɗakin likita cikin 'yan mintuna, ba ya buƙatar ƙwaya. In kuma ka yi sati shida kana motsin nan tsakani da Allah ba ka ga ci gaba ba, ko jinka ya fara raguwa, ko kunne ya fara ƙara, ka koma a yi maka gwajin ji, a duba ko akwai buƙatar hoton em-ar-ai, a kuma haɗa ka da likitan gashi da motsa jiki wanda ya san aikin jiri.