An sa babbar fanka, amma hayaƙi bai fita daga kicin ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan abinci a Wuse 2, Abuja. Rumfar zuƙe hayaƙin da ke kicin ɗinmu tsawonta mita 3 ne, a jikin bango take, ƙarƙashinta akwai murhun gas, tukwanen suya biyu da farantin gashi. Tun da muka toshe tagogi muka sa esi hayaƙi yake cika kicin har ya shiga wurin masu cin abinci. An canza mana fanka da babba, bai hana ba, ƙofar baya ma yanzu da ƙyar take buɗuwa. Ga maiƙo yana ɗiga daga silin. Mu ƙara sayen wata fankar ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki sayi wata fanka tukuna. Fanka ba ta iya fitar da iskar da ba ta shigo ba. Idan kika kafa baki a gorar ruwa ta roba kika tsotsa, gorar za ta lotsa, ruwan kuma ya daina zuwa, duk ƙarfin tsotsonki. Halin da kicin ɗinki yake ciki ke nan tun ranar da aka toshe tagogin, kuma nauyin da ƙofar baya ta yi shi ne shaida.

Kina iya tabbatarwa yau ba tare da kashe ko sisi ba. A lokacin da suya ta yi zafi, a kunna fanka, a buɗe ƙofar baya gaba ɗaya a tokare ta, ki tsaya gefe ki dubi leɓen rumfar. Idan cikin minti ɗaya ko biyu hayaƙin da ke kwararowa ta gaba ya koma yana shigewa ciki, to fankar lafiyarta ƙalau, iska ce ta yi mata kaɗan. Akwai wasu alamun da ke tafiya tare da wannan: ƙarar iska kamar fito ta ƙarƙashin ƙofa, warin kwata da ke tasowa daga magudanar ƙasa, da ma'aikata masu kukan ciwon kai da yamma. Na ƙarshen nan kada ki yi wasa da shi. Kicin da ba ya samun sabuwar iska, murhun gas na ci a cikinsa yini guda, yana iya tara iskar nan mai guba wadda ba ta da wari.

Bari mu yi lissafin kicin ɗinki. Ƙa'idar Amurka ta International Mechanical Code, wadda injiniyoyi da yawa a nan suke aunawa da ita, tana kallon tsawon rumfa da irin girkin da ke ƙarƙashinta. Ga rumfar jikin bango wadda aka ƙera a gida, tukunyar suya da farantin gashi suna ajin matsakaici, amma murhun gas mai buɗaɗɗiyar wuta yana ajin mai nauyi, kuma da shi ake auna dukan rumfar: ana ba ta CFM 400, wato kubik ƙafa 400 na iska a minti ɗaya, a kowace ƙafa ɗaya ta tsawon rumfa. Mita 3 kusan ƙafa 10 ne, wato CFM 4,000, kimanin kubik mita 6,800 a awa ɗaya. In kicin ɗin mita 6 ne da mita 5, tsayinsa mita 3, dukan iskar da ke ciki kubik mita 90 ce. Ma'ana rumfar tana son ta kwashe iskar ɗakin kaf a cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma ta sake, daga safe har dare. Yanzu ki dubi ɗan tsagin da ke ƙarƙashin ƙofa, wanda bai wuce kaurin yatsa ba. Ta nan ake so wannan iska ta shigo. Ba za ta yiwu ba, sai dai fankar ta finciko abin da ta samu daga ɗakin cin abinci, ta kwashe sanyin esin da kika biya kuɗin wuta da dizal a kansa ta watsar a saman rufi.

Wannan ɓarnar ba ƙarama ba ce. A watan Maris, lokacin da zafin Abuja ke haura digiri 35, sanyaya iska mai wannan yawa da digiri 12 kawai yana cin kusan kilowat 27 na sanyi, wato aikin esi mai doki ɗaya da rabi kamar guda takwas.

Maganin shi ne fanka ta biyu, mai shigo da iska daga waje, da nata bututun daban. Ita za ta kawo kamar kashi 85 cikin 100 na abin da ake fitarwa, wato wajen kubik mita 5,800 a awa. Ragowar 1,000 a bar su su gangaro daga ɗakin cin abinci. Da gangan ake barin wannan giɓin, don iska ta riƙa tafiya daga wurin baƙi zuwa kicin, wari da hayaƙi ba su samu hanyar komawa ba. Sai dai shi ma ɗakin cin abincin dole a ba shi tasa sabuwar iskar, domin esin bango ba ya shigo da komai daga waje, iskar ɗakin kawai yake juyawa. A haɗa fankokin biyu a makunni ɗaya, kada wani ya kashe mai shigowa don tana damunsa da ƙara. A sa matata a bakin da take ɗibar iska, a riƙa wanke ta, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta sauka a kan abinci daga Disamba zuwa Fabrairu. Bakin ɗibar kuma ya nisanci inda hayaƙi ke fita da aƙalla mita 3, ya nisanci salansar janareta.

Inda iskar za ta sauka a cikin kicin, nan ne masu aiki suka fi ɓata abin. Hayaƙin suya da kansa yake tashi sama saboda zafi, aikin rumfa shi ne ta tare shi ta riƙe har fanka ta janye. Iska kaɗan daga gefe ta isa ta karkatar da shi ya zubo waje. Don haka ba a buso sabuwar iska da ƙarfi a bakin rumfa. A bar ta ta zubo a hankali ta faranti mai faɗi mai ƙananan huji, ko ta wasu ƙofofi da ke nesa, yadda gudunta a leɓen rumfa ba zai wuce kamar mita 0.4 a daƙiƙa ba. In kika riƙe takarda mai laushi a wurin, ta ɗan karkata zuwa ciki, kada ta riƙa kaɗawa. Fankar silin ko ta tsaye da ake juyawa wajen masu girki don su sha iska, na san tausayi ne, amma ita ma tana kore hayaƙi daga rumfa. Ki duba kuma ko rumfar ta zarce kayan girkin da aƙalla santimita 15 ta gaba da gefe. Tura murhu ya matsa jikin bango, da rufe gefuna biyu da faranti, kan gyara abin da ƙarin fanka bai gyara ba.

Wani ƙaramin abu da mai wuta zai duba miki: in fankar mai layi uku ce, ya tabbatar tana juyawa ta inda kibiyar jikinta ta nuna, a wutar nefa da kuma a janareta. Idan an juya wayoyi biyu, fanka mai katantanwa za ta juya baya, tana ƙara kamar tana aiki, tana ma jan iska, amma kaɗan.

Sai maiƙon da ke ɗiga, wanda ya fi hayaƙin tayar mini da hankali. Ɗigar tana nufin bututun yana yoyo a mahaɗarsa, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: an yi shi da siririn kwano irin na bututun esi, an kama da ribiti ko sukuru, an shafe da silikon. Maiƙo yana taruwa a ciki, ya ratsa mahaɗa, ya jiƙa katakon silin. Ranar da wuta ta kama a tukunyar suya, harshenta zai bi iskar fanka ya shiga bututu, maiƙon ya kama, siririn kwano ya buɗe, wutar ta fito a cikin rufi inda ba mai ganinta.

Ƙa'idar Amurka ta hana gobara a kicin ɗin gidajen abinci, NFPA 96, wadda ita ce aka fi sani kan wannan, ta ce bututun maiƙo ya zama baƙin ƙarfe geji 16, kaurinsa kusan milimita ɗaya da rabi, ko ƙarfe marar tsatsa geji 18, kuma kowace mahaɗa a yi mata walda zagaye ba yankewa, yadda ko ruwa ba zai fita ba. Gwajin mai sauƙi ne: kafin a rufe silin, a kashe fitilu a zura fitila mai haske a cikin bututun, duk inda haske ya leƙo a sake walda. Tsakaninsa da katako ko duk abin da wuta ke ci a bar santimita 45, in wurin ya matse sai a naɗe shi da bargon hana wuta da aka yi don wannan aikin. Inda ya kwanta a ba shi ɗan gangare zuwa rumfa, santimita 2 a kowace mita, don maiƙo ya koma inda ake kwashe shi. A yi masa ƙofofin shara a kowace kwana. Bakinsa ya fita saman rufi da kimanin mita ɗaya yana kallon sama. Wanda ake hudo bango a sake shi a lungu ƙarƙashin tagar maƙwabci, faɗa ne kawai ake shukawa.

Faɗin bututun ma a auna. Mai santimita 30 da 30, wanda aka fi yi, zai tilasta wa iskarki gudun kusan mita 21 a daƙiƙa, ga ƙara, ga fankar na kokawa ba ta kai adadin da aka rubuta a jikinta ba. Mai santimita 45 da 50 zai sauko da gudun zuwa wajen mita 8, inda masu zane suka saba ajiye shi. Tunda bututun naki sai an sake shi, a gyara faɗin a lokaci guda. Matatun cikin rumfa kuma su zama na faranti masu lanƙwasa, a jingine, ba ragar waya ba, don raga tana riƙe maiƙo ta zama makamashi. A wanke su kullum in suya ta yi yawa.

Idan nan gaba za ki ƙara gashin kifi ko tsire a kan gawayi, kada ya shiga ƙarƙashin wannan rumfar. Gawayi yana buƙatar tasa rumfar da bututunta da fankarta, saboda tartsatsi, kuma nasa bututun duk wata ake duba shi. Naki na gas a buɗe a duba duk wata shida, ko duk wata uku in kuna suya tun safe har tsakar dare.

Ga yadda zan jera aikin da ni ce ke biya. A wannan makon a cire allon silin da ya jiƙe, a kankare maiƙon bututu, a buɗe taga ɗaya ta nesa da murhu a sa mata raga, ƙofar da ke tsakanin kicin da ɗakin baƙi ta zauna a rufe. Bayan haka a sake bututu da walda, sannan a kafa fankar shigo da iska. Kada ki biya cikon kuɗi sai mai aikin ya zo da na'urar auna gudun iska, ya auna a fuskar matatu da a bakin shigowa, duk ƙofofi a rufe, duk murhu a kunne, ya rubuta miki adadin biyun a takarda.