Yaya riba kan riba take aiki?

"Ina ajiye jaka ashirin duk shekara a Maraɗi. Mene ne riba kan riba?"

Ɗan'uwa, ribar bara ce ke shiga uwar kuɗi, ita ma ta haihu.

A ce ka zuba jaka 20, wato sefa 100,000, a farkon kowace shekara, ribar kuma 10 cikin 100 (misali ne kawai, don sauƙin lissafi). Ƙarshen shekarar farko kana da 110,000. Ka ƙara 100,000, jimla 210,000, ta koma 231,000. A ta uku 331,000 ta zama 364,100.

Da kana cire ribar duk shekara, 360,000 za ka tashi da su. Bambancin 4,100 ne kacal, amma a shekara 20 ya haura miliyan biyu. Sai dai in farashin kaya ya fi ribar gudu, a takarda kawai ka ci.