Yadda lufus ke taɓa ƙoda da fata

Tambaya: Ƙanwata tana da cutar lufus, fuska ta yi kurji, fitsari na kumfa. Ina haɗin ƙoda da fata?

Amsa: Tushensu ɗaya ne. Garkuwar jikinta ce ke ƙera sinadaran da ke kama DNA ɗinta, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halittarta, su dunƙule tare, jini ya kwashe su zuwa ƙoda. Can sai su maƙale a matatar ƙodar, su jawo kumburi, matatar ta huje, furotin ya riƙa zuba cikin fitsari. Kumfan nan ke nan. A fata kuwa, rana ce ke kashe ƙwayoyin halitta, DNA ya fito fili, garkuwar ta far masa, kurji ya tashi a kumatu da karan hanci.

Ni ƙodar ta fi damuna, don tana lalacewa ba tare da ciwo ba. A auna furotin a fitsarinta, in ya wuce rabin giram a yini, likita kan ɗebi tsokar ƙoda ya duba.