Kuɗin garanti a cikin farashin fanka mai caji

«Salam 'yan'uwa. Ina sayar da fanka mai caji da su fitila da rediyo, ina ba da garantin wata uku. Amma kayan da ake dawo mini da su suna cinye ribar, in na ƙara kuɗi kuma a ce maƙwabcina ya fi araha. Nawa ya kamata in ɗora a kan kowane kaya? Ko in daina garantin kawai?»

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru, don ciwon da ke damunka na san shi ciki da bai. Kada ka daina garanti. Kuma kada ka bari wani ya yanka maka kaso ya ce ka ɗora biyar ko goma cikin ɗari, wanda duk ya faɗa maka haka bai ga littafin shagonka ba. Amsar tana cikin kayan da aka dawo maka da su, kai ne za ka zauna ka fitar da ita, kuma kowane kaya da nasa lissafin. Fanka daban, fitila daban. Ni a kan fanka zan yi magana don ita ce ta sha ni.

Ga yadda wani zubi na guda ɗari ya kasance a wurina, a shekarar da ba a yi wani abin tashin hankali ba. Kowace ɗaya ta sauka shago a kan ₦40,000, da sari da kuɗin mota daga Legas da na masu dako. Ina sayarwa ₦47,000, ka ga a baki ribar ₦700,000 ke nan. A cikin wata ukun garanti guda goma sha biyu suka dawo. Bakwai batir ne ya mutu, sabon batir da ladan mai gyara ₦7,500 kowace, ₦52,500 ke nan. Uku bod ɗin caji ne, ₦7,000 kowace, ₦21,000. Biyu kuwa koyil ne ya tafi, gyaransu bai da amfani, dole na ba da sababbi. A nan ne mutane ke yin kuskuren lissafi, sai su rubuta ₦40,000 da suka sara. A'a. Ranar da zan maye gurbinsu fankar ta koma ₦46,000 a sari, don haka ₦92,000 suka ci mini, na sayar wa mai gyara matattun ₦16,000 ya cire kayan ciki, saura ₦76,000. Ga kuɗin adaidaita na kai wa mai gyara da ɗaukowa, da ɗan abin da nake ba yaron shago, wajen ₦10,500. Ka haɗa duka, ₦160,000. Ka raba wa fanka ɗari, kowace ta ɗauki ₦1,600.

Wannan ₦1,600 ɗin ba riba ba ce, uwar kuɗi ce, kamar kuɗin mota. Fankar ₦41,600 ta tsaya mini, ba ₦40,000 ba. Ni ₦2,000 nake sawa don kayan gyara ba sa tsayawa wuri ɗaya, sai in fara lissafin riba daga ₦42,000. Kuma abin da ya fi lissafin wuya shi ne ware kuɗin. Duk fankar da ta fita, a ranar nake cire dubu biyun in tura wani asusu daban da ba na saro kaya da shi. In ka bar shi cikin jari, zuwa ranar da za a dawo da kaya ya riga ya zama kwali a sito, sai ka ga kana cire kuɗin cefane kana sayen batir. Ka tuna ma, fankar da ka sayar a watan Afirilu garantinta sai Yuli yake ƙarewa. Kafin nan kuɗin nan ajiya ce a hannunka, ba naka ba ne.

Abin da ya sa nake nacewa a kan farashin maye gurbi, ai duk mun ga abin da ya faru daga Yunin 2023 da aka saki naira, zuwa Fabrairun 2024 da dala ta haura ₦1,500. Wanda ya yi alkawarin canja kaya a wannan tsakanin, ya sayar da arha ya biya da tsada.

A wannan lokacin ne ma wani dila a Legas ya yi mini abin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutumin da muka daɗe muna hulɗa, in ya zo Kano a shagona yake cin abinci. Azumin 2024 ya faɗo a cikin zafi, kowa na neman fanka, ya kira ni da kansa ya ce yana da kaya masu sauƙi, kwantena ce sabuwar saukewa, duk wadda ta ba da matsala in tara masa zai canja. Kaya suka zo kwali tsaf, ko ƙura babu. Ka kunna ta kawo wuta, ta juya lafiya lau. Ashe tsohon ajiya ne, batiran sun daɗe a kwance ba caji, sun riga sun mutu a tsaye. Irin wannan batir ɗin yakan ɗauki caji ya nuna maka koriyar fitila, amma ka cire daga wuta ko rabin awa ba zai yi ba. Ba a yi sati biyu ba suka fara dawowa, bibbiyu, uku-uku. Akwai wata Hajiya, ƙawar mahaifiyata ce, guda uku ta saya don sadaka a masallacin unguwarsu. Da kanta ta zo da la'asar, da azumi a bakinta, ta sa aka sauke su a ƙofar shago, ta ce, "Ɗan nan, ko kunyar Allah ba ka ji ba, kayan masallaci?" Maƙwabta na tsaye suna kallo. Na rasa bakin magana. Na kira mutumin nan a gabanta ya ƙi ɗauka. Da daddare ya turo saƙo wai zafin Arewa ne ya kashe su, wai mutanenmu ba su iya caji ba. Daga baya ya ce in turo su ya gani, kuɗin motar a kaina. Na tura, suka yi wata da watanni a wurinsa, ƙarshe ya ce kamfani ba ya karɓar ƙorafi a kan batir. To me ya hana ka faɗa tun farko? Kai da ka san abin da ke cikin kwalin? Ko sisi bai mayar ba, ko haƙuri bai ba ni ba. Kwanaki ma na ga yana tallar sababbin kaya kamar ba abin da ya faru. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, gara in faɗi gaskiya. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan zubin na canja wa batir da kuɗina, dubu biyun da nake warewa ko kusa ba ta rufe ba.

Shi ya sa zan ce maka lissafin nan yana da iyaka. Yana rufe lalacewar yau da kullum ne, ba ya rufe rubabben zubi. Maganin wannan a bakin ƙofa yake, kafin kaya su shiga sito. Ka sayi mitar auna batir, ba ta da tsada. Daga kowane zubi ka buɗe kaɗan ka auna batir. In an rubuta 12V a jikinsa, lafiyayye mai cikakken caji zai nuna maka wajen 12.6 zuwa 12.8, in ka ga ya faɗo ƙasa da 12 tun daga kwali to ya daɗe a ajiye. Mai 6V kuma wajen 6.3. Amma mita kaɗai ba ta isa ba, ka yi masa cikakken caji ka kunna fankar a gudu na ƙarshe ka duba agogo. In kwali ya yi alkawarin awanni ita kuma ta sare da wuri, kada ka sayar ko ɗaya, ka ɗauki bidiyo ka tura wa dila a ranar, tun kana riƙe da cikon kuɗinsa. Kuma alkawarin dila na zai canja, kada ka sa shi a lissafinka. In ya cika, riba ce ta faɗo. Kayan da suka rage maka bayan damina ta sauka kuwa, ka riƙa yi musu caji duk bayan wata biyu zuwa uku, don zafin sito yana zuƙe batir ko ba a taɓa shi ba, sai kai ma ka sayar wa mutane irin abin da aka sayar mini ba da saninka ba.

Su ma kwastomomi ba duka ke da gaskiya ba fa. Wani janareto ne ya ƙona masa, ko NEPA ta kawo da ƙarfi, sai ya rantse haka kawai ta tsaya. Ka buɗe a gabansa. Ƙaurin ƙuna, baƙin tabo a kan bod, kafasito ya kumbura ko ya fashe, yawanci wutar waje ce. Wani kuma ya cire batirinka ya sa tsohon nasa. Ni yanzu ina rubuta kwanan wata da alƙalamin maka a jikin batir, in manna sitika a kan ƙusa ɗaya, in rubuta lambar kayan a rasit. A rasit ɗin kuma an rubuta ƙarara: batir wata ɗaya, bod da koyil wata uku, ƙunar wuta da shigar ruwa ba sa ciki, gyara ne farko kafin canji. Ina karanta wa mutum da baki kafin ya biya, don rabin faɗan da ake yi a shago a kan abin da ba a faɗa ba ne.

Batun ka daina gaba ɗaya kuwa, ko ka rubuta "in kaya ya fita ba a dawowa" a bango, ba zai cece ka ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta ba mai saye damar dawo da kaya mai aibi a gyara masa, ko a canja, ko a mayar masa da kuɗi. Kafin ita ma malamanmu sun karantar da mu hukuncin aibin da mai saye bai gani ba lokacin ciniki. Ka ga da garanti da babu, mai mutunci zai biya, bambancin kawai ko ka tanadi kuɗin ko ba ka tanada ba.

Maƙwabcin naka da ya fi araha, ka ƙyale shi. In kwastoma ya ce can ₦47,000 ne kai ka ce ₦49,000, kada ka ɓoye masa, ka ce dubu biyun nan kuɗin rasit ɗin nan ne, je ka tambaye shi in ta lalace bayan wata biyu wa zai gyara. Wasu za su tafi, ba makawa, musamman masu wucewa da ba za ka sake ganinsu ba. Masu sayen na ofis da makaranta da masallaci su ne ke tsayawa. In kuma ka lissafa ka ga wani samfuri sai ka ɗora masa abin da kasuwa ba za ta ɗauka ba, to ba farashin ne matsala ba, kayan ne, ka daina kawo shi. Fitilu ƙanana ma ni gwaji kawai nake yi a gaban mutum in ba shi sati ɗaya, don kuɗin adaidaitar kai ta gyara ya kusa kuɗinta. Ka sayi littafi gobe ka fara rubuta duk abin da ya dawo, da samfurinsa, da abin da ya lalace, da nawa ya ci, har da sunan dilan da ka saro a wurinsa.