Methotrexate ne ko methyldopa?

Tambaya: "Likita ya rubuta wa mahaifiyata magani mai farawa da meth, sai 2.5 ko 25. Yaya zan tabbatar?"

Kada ki dogara da haruffan farko, domin methotrexate da methyldopa da methimazole duk haka suke farawa. Ki gwada sunan da ciwon da aka kai Hajiya asibiti dominsa, sannan da ƙarfin ƙwayar. Methyldopa na hawan jini ne, kuma ƙwayarsa yawanci miligiram 250 ce, amma methotrexate ƙwayarsa yawanci miligiram 2.5 ce, kuma mai ciwon gaɓoɓi sau ɗaya a mako yake shan sa. Shan sa kullum yana iya kisa. Wannan gwaji yana rage zato ne kawai, saboda haka kafin ta sha ko ƙwaya ɗaya, mai harhaɗa magani ya kira likitan ya tabbatar da suna da adadi.